Hoton Jariri da Hasken Taga

 

An nemi in yi magana a kan ɗaukar hoton jariri sabon haihuwa da hasken taga kaɗai, babu filasha, babu fitilar situdiyo. Akasarinmu aikin biki muka saba da shi, a biki kuwa mai hoto ne ke ba da umarni: amarya ki ɗaga haɓa, ango ka matso, ƙawaye ku ɗan ja baya. Wanda ya shiga ɗakin mai jego da wannan sabo zai fara juya jariri yadda yake juya manya, kuma daga nan haɗari ke farawa. Maganata ta yau guda ɗaya ce. A hoton jariri shimfiɗa ake juyawa, labule ake gyarawa, mai hoto ne yake zagayawa, shi kuwa jaririn a bar shi ya kwanta yadda jikinsa ya yarda. Wanda ya iya sarrafa taga ba shi da buƙatar lanƙwasa ɗan mutane.

Don kada maganar ta tashi a iska, mu ɗauki ɗaki guda mu yi aikin a cikinsa daga farko har ƙarshe. Mu ƙaddara a Kano muke, cikin watan Disamba, hunturu ya kankama. An haifi yarinya, gobe suna. Ɗakin mai jego yana da taga ɗaya mai gilashi, faɗinta kamar mita guda, tana kallon kudu. Labulen jan karan-miski ne mai kauri, bangon koren fenti, gado yana can lungu nesa da taga, ga kwan lantarki a kunne. Kowa a nan ya san irin wannan ɗaki.

Kun ji na ce gobe suna, kuma da gangan na faɗa. Ranar suna ita ce rana mafi wahala ga hoton jariri. Tun da sassafe an yi raɗin suna, wanzami ya zo aski, mata suna shigowa barka, kowa yana son ya karɓi yarinya, ɗaki ya cika da turare da hayaniya. Jaririyar da ta bi hannu goma ba za ta yi barci mai nauyi ba. Shawarata ku roƙi iyaye su ba ku jajibirin suna ko washegarinsa, da hantsi. In suna son hotonta da gashin haihuwa, to dole kafin wanzami. Kwanakin nan na farko, daga kwana 5 zuwa mako 2, su ne lokacin da jariri ya fi yawan barci, kuma yana naɗe jikinsa da kansa yadda ya saba a ciki. Bakwaini kuwa, ko wanda aka kwantar a asibiti bayan haihuwa, sai likitansa ya ce ya yi ƙwari. Hoto yana iya jira.

Yanzu taga. Abin da ke sa haske ya yi laushi shi ne girman wurin da yake fitowa idan aka gwada shi da abin da ake ɗauka. Rana tana da girma, amma don nisanta ɗigo ce a sama, shi ya sa inuwarta take da kaifi. Taga mai faɗin mita guda, a kusa da jariri mai tsawon santimita 50, babbar fitila ce, haskenta yana zagaye kumatu ya sauka a hankali. Sharaɗin shi ne kada ranar kanta ta faɗo kai tsaye ta cikinta. Littattafan hoto da aka rubuta a Turai da Amurka za su ce maka ka nemi tagar arewa, domin can rana kudu take bi duk shekara. Mu a nan lissafin ya ɗan bambanta. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga wajen 21 ga Afrilu zuwa wajen 21 ga Agusta rana tsaka tana ɗan karkata arewa da kanmu, tagar arewa tana iya samun rana, ta kudu kuma ta zauna a inuwa. Da hunturu abin ya juya, tagar kudu ce ke shan rana yawancin yini. Mutanen Damagaram da Maraɗi lissafinsu kusan ɗaya ne da namu. Tagar gabas da safe take da rana, ta yamma da la'asar. Tun a waya ka tambayi mai gida ina tagar take kallo, sai ka san lokacin da za ka zo.

A ɗakinmu taga kudu take kallo, Disamba ne, don haka rana na shigowa, har ƙarafunan tagar sun zana layuka a ƙasa. Ba a kwantar da jariri a wannan rana. Fatarsa siririya ce, tana ƙonewa da wuri, kuma likitocin yara suna cewa a kiyaye wanda bai kai wata 6 ba daga rana kai tsaye. Sai ka janye jan labulen gaba ɗaya, ka ɗaure shi gefe, domin duk hasken da ya ratsa shi ja zai fito. Ka rataya farin zanen gado ko farin yadi marar ado ya rufe tagar duka. In har yanzu kana ganin zanen ƙarafuna a ƙasa, ninka shi biyu. Gwajin mai sauƙi ne: miƙa hannunka a inda jariri zai kwanta, ka dubi inuwar yatsunka. In kana iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, haske bai yi laushi ba tukuna. In inuwar ta narke ba ta da baki, ka samu.

Sannan ka kashe kwan lantarki. Mutane sukan yi mamaki, su ce ai ƙarin haske ne. Matsalar ita ce launinsa daban da na taga, wani ja-ja, wani fari mai shuɗi-shuɗi. In suka haɗu a fuska ɗaya, kumatun da ke wajen taga zai fito da launi guda, ɗayan da wani, kuma babu gyaran kwamfuta da zai daidaita su duka biyu cikin sauƙi. Koren bangon ma yana da nasa sharrin, domin hasken da ya doke shi kore yake dawowa, ya zauna a ɓangaren inuwa na fuskar yarinya ta fito kamar marar lafiya. Maganinsa farin kwali babba ko farin tawul da wani zai riƙe tsakanin jariri da bango. Wannan kwali aiki biyu yake yi, yana tare koren, yana kuma mayar da hasken taga ya cike inuwa. In ka matso da shi inuwa ta ragu, in ka janye ta ƙaru. Kada ka kashe inuwar duka, ita ce ke nuna tudun kumatu da lanƙwasar leɓe. Rigarka ma ka lura da ita. Mai hoto da ya sunkuya kan jariri da jar riga ya zama jan bango.

Gadon da ke lungu ka manta da shi. Haske yana raguwa da sauri in ana nisa da taga: in ka ninka nisa, abin da ke isowa yana iya komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Gado kuma yana da tsawo, katifarsa tana lotsawa. Ka sa a shimfiɗa ƙaramar katifa mai tauri a ƙasa, ko bargo ninki huɗu a kan darduma, a ja zane mai launi ɗaya a kai ya miƙe babu tattara. Wanda yake ƙasa ba shi da inda zai faɗa. Sai dai kada ka manna shimfiɗar da bangon taga, domin gindin taga duhu ne, haske yana tsallake shi. Ja ta kamar mita 1 zuwa mita 1 da rabi. A nan hasken yana saukowa a karkace daga sama, wanda shi ake nema.

Saura ta ina kai zai kalla, kuma a nan ne na ga hotuna da yawa sun lalace. Kan jaririya ya kasance wajen taga, ƙafafu su yi nesa, a ɗan karkace kamar digiri 45, yadda haske zai gangaro daga goshi zuwa haɓa. Alamar cewa ka dace ita ce ƙaramar inuwa a ƙarƙashin hanci da ƙarƙashin leɓen ƙasa. In ka juya ƙafafu wajen taga, haske zai shiga ta ƙofofin hanci, inuwa ta hau sama wajen idanu, fuskar ta zama abin tsoro, domin idon ɗan Adam ya saba ganin haske daga sama. In ka ga haka, kada ka taɓa kan yarinya. A ɗauke ta, a juya shimfiɗa, a mayar da ita, ko kuma a ja zanen a hankali da ita a kai, hannun babba yana tallafe da kanta.

Duk wannan shiri ana yin sa ne tun yarinya tana hannun uwarta. Naɗe tawul ka ajiye a wurin ka gwada haske a kansa. Idan komai ya zauna, sannan a kawo ta.

Kafin a kawo ta ɗin, akwai abubuwan da suka rataya a wuyanka kai kanka. In kana mura ko tari, ka ɗaga ranar. In ƙurajen zazzaɓi sun fito maka a leɓe, kada ka kusanci ɗakin, domin ƙwayar cutar da ke kawo su, wadda ga babba ba komai ba ce, tana iya kashe jariri. Ka wanke hannu da sabulu, ka cire zobe da agogo, ka yanke farce, kada ka fesa turare. Kayan shimfiɗar da ka zo da su a wanke su bayan kowane aiki. Kuma ina roƙonku da babbar murya, kada ku ajiye su da kafur. Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifar su da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke rubutawa G6PD. Irin wannan jariri in aka naɗe shi da tufafin da suka sha kafur, jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi. Lalle ma yana yi musu haka. Shawul ɗin da kaka ta ciro daga ƙasan akwati yana ƙamshin kafur, ka ba ta haƙuri cikin ladabi, ka ce Hajiya a bar wannan sai an wanke an shanya. Haka kwalli. Za a ce a ƙara mata don ido ya fito a hoto. Kwallin dutse yana ɗauke da dalma. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Al'adar gida ba taka ba ce da za ka hana, amma kada a ƙara ko ɗigo saboda hotonka.

Sai ɗumin ɗaki. Jariri yana rasa zafin jiki da sauri fiye da babba, mu kuma mun kawo shi kusa da taga da hunturu. Gilashi ya kasance a rufe, fanka a kashe. Ɗakin da za a rage wa jariri kaya ya kai digiri 25 zuwa 28. In bai kai ba, a ɗauki hotonta da kayanta, hoton jaririya cikin shawul bai gaza komai ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a shigo da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga don a ɗumama ɗaki. Gawayi yana fitar da iska mai guba marar wari marar launi, kuma mafi ƙanƙanta a ɗakin ita za ta fara cutuwa. Da bazara kuma matsalar zafi ce, a rage naɗi. Yadda ake ganewa, sa bayan hannunka a ƙirjinta ko ƙeyarta. In da gumi, zafi ya yi yawa. In da sanyi, a rufe ta. Tafin hannu da ƙafa ba ma'auni ba ne, sukan yi sanyi ko da jikin lafiya lau.

A bar uwa ta shayar da ita ta ƙoshi, ta yi gyatsa, a sake famfas. Daga nan a jira kamar minti 15 zuwa 20. Barcin farko marar nauyi ne, za ka ga idanu suna motsi a ƙarƙashin fatarsu, baki yana tsotso, hannu a dunƙule. Idan barci ya yi nauyi, hannu yakan saki, in an ɗaga shi kaɗan sai ya koma yaraf. Sannan ne za a kwantar da ita, a rigingine, kuma uwarta ko kakarta ko ungozoma ce za ta kwantar. Wannan matar ba za ta tashi daga nan ba har a gama. Ta zauna dab da shimfiɗa, inda hannunta zai kai ga yarinya ba tare da ta miƙe ba, idonta a kan jaririya, ba a kan allon kyamararka ba. Dalili shi ne idan ka sa ido a kyamara, tunaninka ya tafi kan haske da layi, ba za ka lura da numfashi ba. Jariri kuma yakan zabura haka kawai, ya watsa hannuwa, ya tokare da ƙafa, ƙarfin da ke cikin wannan tokari ya isa ya tunkuɗo shi daga kan matashi ko cikin kwando.

Yanzu ga wurin da nake so kowa ya buɗe kunne. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, yana da nauyi, wuyansa kuwa bai iya ɗaukarsa ba. Hanyar numfashinsa siririya ce mai laushi, kamar tiyon ruwa, in ka lanƙwasa shi ruwa ya tsaya. Idan haɓa ta faɗa kan ƙirji, hanyar ta matse, kuma jaririn da numfashinsa ya matse sau da yawa ba ya kuka. Shiru zai yi, kai kuma kana murna ka samu mai haƙuri. Saboda haka a kowane kwanci ka duba: haɓa ta rabu da ƙirji, akwai wurin yatsa ɗaya ko biyu a tsakani, hanci da baki a buɗe, babu zane ko gashin bargo a gabansu. In an naɗe ta, yatsu biyu su iya shiga tsakanin naɗin da ƙirjinta, ƙugu da ƙafafu kuma a sake, su iya lanƙwashewa. Cibiya ba ta faɗi ba tukuna a kwana 6, kada komai ya danne ta ko ya goge ta.

Na san hotunan da iyaye ke nuna muku a waya su ce irin wannan muke so: jariri ya zauna ya tallafe haɓa da hannuwansa biyu, ko yana rataye cikin zane a reshen itace, ko a tsaye cikin bokiti. Ku sani, a hannun ƙwararru waɗannan hotuna haɗi ne. Wanda ya tallafe haɓa, hoto biyu ake ɗauka, a ɗaya babba yana riƙe da saman kai, a ɗayan yana riƙe da wuyan hannu da haɓa, sannan a haɗa su a kwamfuta a goge hannun babban. Ko daƙiƙa ɗaya ba a saki kan yaron ba. Na rataye kuwa a kwance aka ɗauke shi, ko a tafin hannun wani, aka ƙara reshen daga baya. Wanda bai san haka ba zai yi ƙoƙarin tsayar da jariri da gaske. Ra'ayina, kuma ban ɓoye shi ga kowa ba, ku bar waɗannan kwata-kwata. Ku faɗa wa iyaye gaskiyar yadda ake yin su, yawancinsu da sun ji suke janyewa. Haka sa jariri cikin ƙwarya ko kwando mai zurfi, inda baya zai lanƙwashe haɓa ta sauka, ko cikin wani abu na gilashi. Kwanciyar rub da ciki ma, in an yi ta na ɗan lokaci da mai tsaro a gefe, ka gaya wa uwa cewa ta hoto ce kawai. Barcin jariri a rigingine ake sa shi, a shimfiɗa mai tauri.

To, yarinya tana kwance, haske yana gangarowa daga goshi. Mu zo kan kyamara. Kashe filasha, kashe ƙaramar fitilar da ke kunnuwa in kyamara na neman saiti, kashe ƙarar tit-tit, in kyamararka tana da ɗauka marar sauti ka kunna. Gilashin 50mm ko 35mm ya wadatar. A ɗakinmu, da rana a bayan farin zane, zan fara da f/2.8 da 1/250 da ISO 400, in ɗauka in duba, in gyara. Me ya sa 1/250 ga mai barci? Domin ƙirjinta yana hawa da sauka, yatsu suna motsi, kai ma a sunkuye kake hannunka yana rawa. In haske ya gaza, ISO za ka ɗaga. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana iya gyara shi, wanda ya girgiza ya tafi ke nan. Da a ce mun ja shimfiɗar zuwa mita 2, lissafin zai iya kai mu ISO 1600. Da a ce tagar ba ta samun rana, ko hazo ya yi kauri, wataƙila daga 800 za mu fara.

Da yawa suna buɗe gilashi har f/1.8 don baya ya narke. Ku yi hattara. Da 50mm a f/1.8, kana nesa da fuska da santimita 60, abin da zai fito tar bai kai kaurin santimita 2 ba. Gashin ido ɗaya zai fito, ɗayan ya dushe. Ka sa saiti a kan gashin idon da ya fi kusa da kai, ka zauna a f/2.8. In uwa ta shigo hoton, koma f/4, ka ninka ISO daga 400 zuwa 800, domin f/4 rabin hasken f/2.8 yake shigarwa.

Farin shawul yana ruɗar kyamara. Tana ganin fari ya cika hoto sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, shawul ya koma toka-toka, fuskar yarinya ta yi duhu. In kana aiki da Av ko A, ƙara +0.7 zuwa +1. In a M kake, fuska za ka bi, kana lura kada saƙar shawul ta ɓace ta zama fari fat. Zane mai ruwan madara ko ruwan ƙasa ya fi fari tas sauƙin aiki. Ka ɗauka a RAW, kuma hoton farko ka sa farar takarda a gefen kumatunta, da ita za ka daidaita launin sauran daga baya. In an shafe ta da man zaitun ko man kaɗanya goshi yana ƙyalli, uwa ta ɗan dangwale da tsumma mai laushi. Kada a bi da hoda, ƙurarta tana shiga huhu. Mai waya ma duk wannan ya shafe shi: goge gilashin wayar, kashe filasha da abin nan mai sumulmula fuska, taɓa allon a kan ido, ka yi amfani da 2x ka ja baya, domin in ka kusanto da gilashin waya na yau da kullum hanci da goshi za su kumbura.

Daga kwanci ɗaya za ka fitar da hotuna iri-iri ba tare da an motsa ta ba. Ka tsaya ka ɗauka daga sama, amma igiyar kyamara tana wuyanka, murfin gilashi yana aljihu, ƙafafunka biyu a ƙasa. Ba a hawa kujera a kan jariri. Ka daidaita kyamara da goshinta ko ka ɗan fi shi sama, don kada ka leƙa cikin hanci. Sannan ka durƙusa ta gefe, taga tana hannun damanka ko hagunka, ka ɗauki rabin fuska. Sannan ka zagaya ɓangaren inuwa, taga tana bayanta a karkace. Wannan shi ne wanda na fi so, domin haske yana bin gefen kumatu da kunne da siririn gashin da ke kafaɗa yana zana su, kwalin nan kuma yana buɗe fuskar. A nan sai ka ƙara haske kaɗan, ka kuma kare gilashinka daga hasken tagar don kada hoto ya yi hazo. Daga nan ƙananan abubuwa: yatsun ƙafa cikin tafin hannun kaka, ɓawon fatar da ke saɓulewa a wuyan hannu, makwantar gashi a tsakar kai. Wannan ɓawo kada a ɓare shi, kuma ni ba na goge shi duka a kwamfuta, na kwanakin nan ne kaɗai.

In yarinya ta ƙi kwanciya, hannun uwa shi ne wurin da ya fi kowane aminci. Ta zauna a gefen taga, kafaɗarta ɗaya wajen haske, kan jaririya a ɓangaren taga. Sai dai ku tuna da kunyar ɗan fari. Wata uwar ba za ta yarda ta rungumi 'yarta tana kallonta a gaban surukai ba, balle a gaban baƙon namiji. Kada ka matsa mata. Ka ɗauki hannuwanta kawai, ko a ba kaka ta riƙe, ko ka nemi a rage mutane. In gidan ba sa son namiji ya shiga, abokan aikinmu mata ga su nan, a tura musu aikin. Kuma kafin ka sa hoton ɗan kowa a shafinka na talla, ka nemi izinin uba da uwa a fili. Gidaje da yawa ba sa son a baza fuskar jariri, wasu don gudun baki, wasu don sirrinsu, kuma haƙƙinsu ne.

Duk ɗaukar kada ta wuce minti 30 zuwa 40. In ta fara juya kai tana neman nono, ko tana tsotson hannu, an tashi, a mayar wa uwa. Akwai kuma alamun da in ka gan su kyamara za ka ajiye nan take. Leɓe ko harshe ko dasashi ya koma shuɗi ko toka-toka. A fatar yaranmu a nan ake dubawa, domin kumatu ba ya nunawa da wuri. Numfashi yana gurnani, ko haƙarƙari yana lotsawa ciki, ko ya wuce 60 a minti alhali tana kwance shiru. Ɗan tsayawar numfashi na daƙiƙa 5 zuwa 10 sannan ya ci gaba, jarirai suna yin haka, amma in ya kai daƙiƙa 20, ko launi ya sauya, ko jiki ya saki ta ƙi farkawa, a ɗauke ta a miƙe wuya, a nufi asibiti. Hannu ko ƙafa da ya yi duhu saboda an danne shi, a sake shi nan da nan.

Abu na ƙarshe ya shafi launi, kuma hasken taga ne ya ɗora mana shi. Ɗakin mai jego yakan zauna da labule a sauke da kwan lantarki, a irin wannan haske kuwa shawara ba ta nunawa sosai. Kai ne wataƙila mutum na farko da ya kawo yarinyar gaban farin haske ya ƙura mata ido. In ka ga farin idonta ko dasashinta ya yi ruwan ɗorawa, ko an danna goshi ko kan hanci da yatsa an ɗaga wurin ya nuna rawaya, ka gwada da farar takardar nan taka. In takarda ta fito fara yarinya ta fito rawaya, ba kyamara ba ce. Kada ka koma gida ka janye rawayar a kwamfuta ka kawo musu hoto mai kyau ka yi shiru. Shawarar jarirai da yawa tana wucewa da kanta, amma wadda ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa da ji, kuma awo ne kawai ke bambanta su. In rawayar ta sauko har tafin hannu da tafin ƙafa, ko yarinya ta rage kama nono, abin na gaggawa ne. Kai ba likita ba ne, ba za ka ce ga ciwo ba. Ka kira uban ko kakar gefe, ka ce: na ga idonta kamar da ɗan rawaya, don Allah a kai ta a auna yau, kada a bari sai bayan suna. In suka ce za su shanya ta a rana, ka gaya musu rana tana ƙona jariri kuma ba ta maye gurbin fitilar asibiti.

Shugaban zama, nan zan dakata. Na zo da farin zane da kwali da 'yar tsana, ga kuma tagar zauren nan ta gabas da rana ta riga ta bari. Bayan tambayoyi, masu kyamara da masu waya su matso mu shimfiɗa a ƙasa, kowa ya nemo inuwar ƙarƙashin hanci da kansa.